Gayyatar Taron Bidiyo: A Rubuta Ta Don Wanda Zai Shigo a Makare

An sa taro ƙarfe 11:00, amma har 11:20 ba a fara ba. Wani yana kiran sakatare a waya yana tambayar lambar sirri, wata ta shigo amma ba ta jin kowa, wani kuma tun awa guda da ta wuce ya zauna jira har ya gaji ya tashi. Idan aka tashi neman mai laifi sai a ce sabis ne. Wani lokaci sabis ɗin ne kuwa, amma sau da yawa taron ya lalace ne tun kwana uku baya, a lokacin da sakatare ya tura saƙo mai layi biyu: akwai taro ranar Asabar, ga mahaɗi, a yi ƙoƙari a halarta.

Mai rubuta gayyata ya san komai game da taron, shi ya sa yake ganin layi biyu sun isa. Wanda ya kamata ya sa a ransa shi ne mutumin da zai buɗe saƙon a ƙaramar waya saura minti 2 a fara, ko ma an riga an fara, cajinsa ya yi ƙasa, kuma babu wanda zai tambaya. Duk abin da wannan mutumin yake buƙata ya same shi a cikin saƙon, a jere yadda zai buƙace shi. Katin ɗaurin aure ma ba ya tsayawa a sunan unguwa, sai ya faɗi masallaci, ya faɗi lokaci, ya yi kwatance.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ƙungiyar tsofaffin ɗaliban wata makaranta ce ta tara kuɗi don gyara rijiyar burtsatsen makarantar. 'Yan kwamiti 14 ne. Mafi yawansu suna Kano, biyu suna Maraɗi, ɗaya a Kumasi, ɗaya a Jidda, ɗaya a Landan. An samu farashi daga masu aiki biyu, ana so a zaɓi ɗaya. An tsayar da Asabar, 11 ga Afrilu 2026, kuma za a yi taron a Zoom da asusun sakatare, wanda na kyauta ne.

Lokacin wa?

Daga lokaci ake fara tuntuɓe. Mun saba cewa bayan La'asar, kuma a cikin gari ɗaya kowa ya gane. Amma idan an fito daga La'asar a Kano wajen 4:30, a Jidda ƙarfe 6:30 ne, ɗan kwamitin can yana shirin Magariba. Don haka lokacin salla ba ya zama lokacin taro idan mahalarta ba a ƙasa ɗaya suke ba. Ana duba shi wajen zaɓen sa'a don kada a takura kowa, amma abin da ake rubutawa agogo ne, tare da sunan gari.

Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya. Ghana tana baya da awa 1, Sudan tana gaba da awa 1, Saudiyya kuma da awa 2. Waɗannan ba sa motsi duk shekara. Birtaniya ce mai rikitarwa, domin tana ƙara awa 1 a agogonta a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, ta mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ke nan idan kwamitin nan ya yi taro a Fabrairu ƙarfe 11:00 na Kano, na Landan ya shiga ne ƙarfe 10:00. A 2026 an sauya agogo ranar 29 ga Maris, saboda haka ranar 11 ga Afrilu Landan da Kano lokacinsu ɗaya. Idan sakatare ya rubuta "kamar yadda aka saba", bawan Allah nan zai zo da awa guda kafin kowa. Gara sakatare ya yi lissafin sau ɗaya, ya rubuta wa kowa nasa: 11:00 na safe a Kano da Maraɗi da Landan, 10:00 a Kumasi, 1:00 na rana a Jidda. Idan ta Google Calendar ko Outlook aka tura gayyatar, manhajar da kanta take juya lokacin zuwa agogon kowane mai karɓa. Saƙon WhatsApp ba ya yin haka, abin da ka rubuta shi za a karanta.

Kwanan wata ma a rubuta shi da kalmomi. Wanda ya ga 11/04/2026 a Kano zai karanta 11 ga Afrilu, amma wanda ya saba da tsarin Amurka zai karanta 4 ga Nuwamba. A haɗa sunan rana da kwanan wata, a kuma duba kalanda a tabbatar sun dace, domin gayyatar da ta ce Asabar alhali kwanan watan na Lahadi ne tana raba mutane gida biyu.

Mahaɗi

Mahaɗin shiga taron Zoom yana da siffar da ake iya ganewa. Lambobin da ke nan na misali ne kawai:

```
https://zoom.us/j/00000000000?pwd=xxxxxxxx
```

Lambobin da ke bayan `/j/` su ne lambar taron, wadda a allo ake kira Meeting ID, kuma yawanci guda 10 ne ko 11. Abin da ke bayan `pwd=` lambar sirri ce da aka sakaya a cikin mahaɗin don wanda ya latsa ya wuce kai tsaye. Ba ita ce ake bugawa da hannu ba. Wannan ne ya sa ake rubuta abu uku a gayyata: mahaɗin, lambar taron, da lambar sirrin da ke rubuce a gaban Passcode. Idan mahaɗin ya ƙi buɗewa, ko ya gutsure wajen kwafa, ko mutum ya ga saƙon a waya amma yana so ya shiga ta kwamfuta, sai ya buɗe manhajar ya latsa Join ya buga lambobin biyu. A Google Meet abu ɗaya ne kawai, haruffa 10 da aka raba kashi uku a ƙarshen mahaɗin.

A bar wa mahaɗi layinsa shi kaɗai, kada a manna masa aya ko waƙafi a ƙarshe, domin wasu manhajoji suna haɗa alamar da adireshin su ɓata shi. Kuma ya zo a sama. WhatsApp yana naɗe dogon saƙo ya bar Read more a ƙasa, kuma mai sauri ba ya buɗewa. Ni dai ban ga dalilin da zai sa sallama mai layi biyar da jerin muƙaman shugabanni su riga mahaɗi ba. Sallama ɗaya ta wadatar.

Akwai kuskure guda da ya fi kowane cin lokaci, kuma ana iya gane shi nan take. Sakatare ya tsara taro tun ranar Laraba ya tura mahaɗi. Ranar Asabar sai ya buɗe Zoom ya latsa New Meeting, maimakon ya nemo taron da ya tsara ya latsa Start. Yanzu ɗakuna biyu ke nan: shi yana zaune shi kaɗai a sabon ɗaki yana mamakin rashin zuwan mutane, su kuma allonsu yana ce musu su jira mai masaukin baƙi ya fara taro. Duk lokacin da sakatare ya ce yana ciki amma jama'a suka ce ana nuna musu ba a fara ba, a gwada lambar taron da ke allonsa da wadda ke cikin gayyata. Za a ga sun bambanta. Idan kuwa allo ya ce lambar ba ta aiki, to ko dai an buga ta ba daidai ba, ko an goge taron, ko kuma tsohon mahaɗi ne wani ya tono daga saƙonnin baya. Lambar taron da ba mai maimaituwa ba tana mutuwa bayan kwana 30 da ranar da aka sa masa.

Wajen tsara taron, Zoom yana ba da zaɓi tsakanin Generate Automatically da Personal Meeting ID. Na biyun ɗakin mutum ne na dindindin, lambarsa ba ta canjawa, don haka duk wanda ya taɓa samunta yana iya ƙwanƙwasa ƙofa a kowane taro na gaba. Taron da za a yi maganar kuɗi ya cancanci sabuwar lamba. Duniya ta koyi wannan darasi a 2020, lokacin kullen korona. A ƙarshen Maris na shekarar, ofishin hukumar FBI na Boston ya yi gargaɗi a kan mutanen da ke kutsawa cikin azuzuwa da taruka suna watsa batsa da zagi. A cikin makon kuma Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya wallafa hoton taron majalisar ministocinsa, lambar taron tana bayyane a kusurwar allo. A watan Afrilu kamfanin Zoom ya mayar da lambar sirri da ɗakin jira abin da ke kunne tun farko a asusun kyauta. Ga sakatarenmu, ma'anar wannan layi ɗaya ce a cikin gayyata: mahaɗin na 'yan kwamiti ne, kada a tura shi babban zauren ƙungiya.

Minti 40 da abin da zai shiga cikinsu

A nan ne rubuta gayyata yake tilasta wa mutum yin tunani. Asusun Zoom na kyauta yana yanke taro idan ya kai minti 40. Na Google Meet da na Microsoft Teams suna ba da minti 60 ga taron jama'a. Kuma gurbin Duration da ake cikewa wajen tsara taro a Zoom don kalanda ne kawai. Ko awa 2 ka rubuta, ba zai ƙara maka ko minti 1 ba.

Ajandar farko da shugaban kwamiti ya ba sakatare ita ce wadda muka sani: addu'ar buɗewa, jawabin shugaba, karanta bayanan taron baya, rahoton ma'aji, batun rijiya, sauran batutuwa, addu'ar rufewa. Da sakatare ya sa wa kowanne mintunansa, sai ya ga sun haura awa guda, kuma batun rijiyar, wanda dominsa aka kira taron, shi ne na biyar. Wato Zoom zai yanke daidai lokacin da aka iso kansa. Ba a ganin wannan matsala sai an rubuta minti a gaban kowane batu, shi ya sa nake ganin ajandar da babu mintuna a cikinta ba ta gama rubutuwa ba.

Yana iya komawa Meet, ko ya ari asusun wanda yake biya. Amma hanya mafi sauƙi ita ce a fitar da duk abin da karatu ne kawai daga cikin taron. Bayanan taron baya da rahoton ma'aji da takardun farashin nan biyu a tura su tare da gayyata, kowa ya karanta a gida. Abin da ya rage wa taron shi ne tambaya da yanke shawara. Ta haka ajanda ta dawo minti 35, da rarar 5.

Yadda ake rubuta kowane batu ma yana da tasiri. "Batun rijiya" bai gaya wa kowa abin da ake so ya yi ba. "Zaɓen mai aiki ɗaya daga cikin biyu" ya gaya masa cewa za a nemi ra'ayinsa, gara ya duba farashin. A kuma rubuta wanda zai jagoranci batun, don ma'aji ya san ƙarfe 11:05 shi ake jira. Gaisuwa kuwa a ba ta gurbinta a rubuce. Mutanen da suka yi wata biyu ba su ga juna ba za su tambayi iyali da gajiya, kuma daidai ne su yi. Idan ba a ware mata minti 5 ba, za ta ci 15 daga lokacin rijiya. Sai dai a asusun kyauta kada sakatare ya buɗe taron tun 10:45 ya shigo da mutane a yi ta hira, domin daga cikin minti 40 ɗin ake cira.

A rubuta lokacin tashi, ba na farawa kaɗai ba. Mai shago da ya san 11:35 za a tashi zai bar yaro a shago ya zauna har ƙarshe. Wanda bai sani ba zai shigo da ƙafa ɗaya a waje. Tsawon taro kuma lissafin data ne. A ƙiyasin da Zoom ya bayar, murya kaɗai tana buƙatar kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, abin da bai kai megabait 40 a awa ba. Bidiyon taron jama'a kuwa yana neman kusan megabit 1 na aikawa da kilobit 600 na karɓa, wanda ya tasam ma megabait 700 a awa. Bambancin yana da girma ga mai sayen data kaɗan-kaɗan, don haka gayyata ta faɗa a fili ko kunna kyamara dole ne. Idan ba dole ba ne, a ce ba dole ba ne, kada a bar dattijo yana jin nauyin kashewa.

Yadda ake shiga

Wannan ɓangaren ne aka fi tsallakewa, domin wanda ya saba yana ganin babu abin bayani. Amma abu uku ne suke maimaituwa a kusan kowane taro, kuma layi ɗaya-ɗaya yake maganinsu.

Na farko sauti. A Zoom, shiga taro daban, haɗa sauti daban. Bayan mutum ya shiga ta waya, allo yana tambayarsa yadda zai ji mutane, sai ya latsa Wifi or Cellular Data. A kwamfuta kuma Join with Computer Audio. Wanda ya rufe wannan tambaya zai ga bakuna suna motsi ba ya jin komai, shi ma ba a jin sa. Ana gane shi daga jerin mahalarta, domin babu alamar makirufo a gefen sunansa ko kaɗan. Shi kuma a ƙasan allonsa zai ga Join Audio a inda ya kamata ya ga Mute. Na biyu suna. Idan mutum bai rubuta sunansa ba, sau da yawa sunan wayarsa ne yake fitowa, sai sakatare ya ga iPhone biyu da Galaxy ɗaya a ɗakin jira, bai san wa zai buɗe wa ba. Ko ya bar ma'aji a waje, ko ya shigo da baƙo. Na uku amsa-kuwwa. Idan 'yan Maraɗin nan biyu suka zauna a ɗaki ɗaya kowa da wayarsa a kunne, muryar da ta fito daga wannan za ta shiga waccan ta dawo, har ta zama ƙara mai huda kunne. Su shiga da waya ɗaya, ko ɗayan ya cire sautinsa gaba ɗaya.

Wanda bai taɓa amfani da manhajar ba a gaya masa ya sauke ta tun daren Juma'a, ya gwada muryarsa a `zoom.us/test`. Idan za a naɗi taron, a faɗa a cikin gayyata, a kuma faɗi wanda zai ga abin da aka naɗa. Manhajar tana sanarwa idan an fara naɗa, amma mutum ya fi son ya sani tun kafin ya zauna. Daga ƙarshe a ba da mutum ɗaya da za a kira idan abu ya cije, kuma kada ya zama mai jagorantar taron, domin shi ba zai ɗaga waya yana tsakiyar magana ba.

Ga yadda gayyatar ta fito bayan an gyara:

```
Assalamu alaikum.
TARON KWAMITI: zaɓen wanda zai gyara rijiya
Asabar, 11 ga Afrilu 2026, minti 35
Kano, Maraɗi, Landan: 11:00 zuwa 11:35 na safe
Kumasi: 10:00 na safe. Jidda: 1:00 na rana

https://zoom.us/j/00000000000?pwd=xxxxxxxx
Meeting ID: 000 0000 0000
Passcode: 000000

11:00 Addu'a da gaisuwa, Shugaba
11:05 Tambayoyi kan rahoton kuɗi, Ma'aji
11:15 Zaɓen mai aiki ɗaya cikin biyu, kowa
11:30 Raba aiki da rufewa, Sakatare

A karanta rahoto da farashi biyun kafin taro.
A shiga da cikakken suna.
A latsa Wifi or Cellular Data don a ji magana.
Kyamara ba dole ba. Ba za a naɗi taron ba.
Mahaɗin na 'yan kwamiti ne, kada a tura wa wani.
Idan an kasa shiga, a kira mataimakin sakatare.
```

A gayyatar gaske, lambar wayar mataimakin za ta biyo bayan layin ƙarshe. Ku lura da taken: bai tsaya a "taron kwamiti" ba, ya faɗi abin da za a yanke. A kalanda ko a sanarwar da ke faɗowa a allon waya, taken ne kaɗai ake gani.

Zoom yana da maɓallin Copy Invitation wanda yake kwafo gayyata da Turanci a shirye. Yana da amfani wajen ɗauko mahaɗi da lambobi ba tare da kuskuren bugawa ba, amma kada a tura shi yadda ya zo. Babu ajanda a cikinsa, babu lokacin tashi, kuma a asusun da ake biya yakan jero lambobin wayar ƙasashen waje na masu shiga ta kiran waya. Wanda bai sani ba yana iya latsa ɗaya ya kira Amurka da katinsa. A ɗebi layuka ukun da ake buƙata, a share sauran.

Kafin a tura, sakatare ya aika gayyatar zuwa wata waya daban, wadda asusunsa ba ya kanta, ya fara taron a tasa, ya latsa mahaɗin a waccan. A wayarsa komai zai buɗe lafiya domin manhajar ta san shi ne mai ɗakin, don haka gwajinsa shi kaɗai ba ya nuna abin da baƙo zai gani. Ya fi kyau ma ya miƙa wayar ga wani a gida wanda bai san da taron ba, ya tambaye shi: yaushe ne, me za a yi, ina za ka latsa? Inda ya tsaya yana nema, nan ne za a gyara.

Ranar taro, saura awa 1, a sake tura saƙon gaba ɗaya. Kada a rubuta "a duba sama", domin a zauren da aka yi ta hira kwana uku, mai dubawa yana iya faɗawa kan mahaɗin watan jiya. Idan kuma dole ta sa an sauya lokaci ko mahaɗi, a goge tsohon saƙon idan zai yiwu, a fara sabon da abin da ya canja, a ce lokaci ya koma 11:30, mahaɗi yana nan yadda yake. Idan ta kalanda aka gayyata, a gyara ainihin gayyatar a bar manhajar ta sanar da kowa, kada a ƙirƙiri ta biyu a bar ta farko tana tunatar da mutane tsohon lokaci.